Sitetimen ɗin banki da aka yi sikanin: wace hanya za ka bi ka mayar da shi Debit, Credit da Balance?

Sitetimen ɗin da aka yi wa sikanin hoto ne kawai. Idonka yana ganin kwanan wata da lambobi a jere, amma a wurin kwamfuta babu ko lamba ɗaya a ciki, ɗigo-ɗigo ne baƙi da fari. Manhajar lissafi irin su QuickBooks, Xero, Sage ko Zoho Books kuwa jeri take so mai tsari, kowane ciniki a layinsa, kowane kuɗi a gidansa. Akwai hanyoyi biyar da ake bi a cike wannan giɓin, kuma sun sha bamban a kuɗi, a wahala da kuma haɗari.

Kafin ka zaɓi ko ɗaya, tabbatar cewa hoton ne a hannunka. Buɗe fayil ɗin PDF, ka ja linzamin kwamfuta a kan wata lamba. In ta haskaka har ka iya kwafe ta, ko ka danna Ctrl+F ka nemi wata kalma ta fito, to akwai rubutu na gaske a ciki, rabin aikinka ya ƙare. In kuwa shafin gaba ɗaya ya tashi kamar hoto, to sai an bi ta OCR, wato manhajar da ke duban hoto ta gane haruffa da lambobi.

Ma'aunan da za mu yi amfani da su

Na farko shi ne ko hanyar tana ajiye kowane kuɗi a rukuninsa. Da rukuni ina nufin jerin da ke saukowa daga saman shafi zuwa ƙasa, kamar na Debit ko na Credit. Mutane sun fi jin tsoron manhaja ta karanta 8 a matsayin 3, kuma hakan yana faruwa, amma ɓarnar da ta fi yawa daga gidan da babu komai take fitowa. A kowane layi na sitetimen, ɗaya daga cikin Debit da Credit fanko ne. Manhajar da haruffa kaɗai take karantawa ba ta ganin fanko a matsayin wani abu, sai ta matso da lambobin kusa da juna. Ka tashi da layi mai lamba biyu, kuɗin da ragowar, babu abin da zai nuna maka shiga suka yi ko fita.

Na biyu shi ne yawan gyaran da zai rage maka bayan manhaja ta gama nata. Na uku kuɗi, da ko za a biya sau ɗaya ne ko duk wata, da naira ko da dala. Na huɗu dorewa: in wata mai zuwa wani sitetimen ɗin ya zo, ko banki ya sauya tsarin takardarsa, shin hanyar za ta ci gaba da aiki? Na biyar sirri. Sitetimen yana ɗauke da lambar asusu, adireshi, sunayen abokan ciniki da nawa kowa ya biya. In na wani ne aka ba ka amana, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kanka game da inda ka kai shi.

Gwajin da kowace hanya za ta fuskanta

Rukunin Balance yawancin manhajojin lissafi ba sa shigar da shi, su suke lissafa ragowar da kansu. Shi ya sa wasu suke watsar da shi tun farko don rage aiki. Kada ka yi haka. Da shi ne kaɗai za ka tabbatar da sauran biyun ba tare da ka bi takarda layi-layi ba, domin a kowane layi dole ragowar da ta gabata, a cire Debit, a ƙara Credit, ta ba da ragowar wannan layin.

A ce a Excel kwanan wata yana A, bayani yana B, Debit yana C, Credit yana D, Balance yana E, kuma layi na 2 yana ɗauke da ragowar buɗewa. Rubuta wannan a F3 ka ja shi har ƙasa:

```
=ROUND(E2-C3+D3-E3,2)
```

Duk layin da ya ba da 0 lambobinsa sun yarda da juna. Ga misali na wani shagon atamfa, kamar yadda abin yake a takarda, inda NIP ke nufin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna, EMTL kuma harajin tura kuɗi ne:

| Date | Narration | Debit | Credit | Balance |
|---|---|---|---|---|
| | Opening Balance | | | 1,250,400.00 |
| 04-Mar-2024 | NIP transfer | | 385,000.00 | 1,635,400.00 |
| 04-Mar-2024 | EMTL | 50.00 | | 1,635,350.00 |
| 05-Mar-2024 | NIP transfer | 620,000.00 | | 1,015,350.00 |
| 05-Mar-2024 | NIP fee + VAT | 53.75 | | 1,015,296.25 |
| 06-Mar-2024 | POS settlement | | 98,300.00 | 1,113,596.25 |

Abin da ke da amfani a wannan fomula shi ne kowane irin kuskure da kalar alamar da yake bari. In hatimin banki ya hau kan 385,000 har manhaja ta karanta 335,000, layin zai nuna -50,000, kuma shi kaɗai, na ƙasansa ya koma 0. In ragowar ce aka karanta ba daidai ba, a ce 1,635,350 ta zama 1,685,350, layi biyu a jere za su yi ƙara, na farko -50,000, na biyu +50,000. Da ka ga irin wannan tagwayen ka san kuɗin cinikin lafiya suke, ragowar za ka gyara. In 98,300 ta zame ta faɗa ƙarƙashin Debit, bambancin zai zama -196,600, ninki biyu na kuɗin daidai. In ɗigon da ke cikin 53.75 ya ɓace ta zama 5375, za ka ga -5,321.25. In kuma manhaja ta tsallake layin harajin naira 50 gaba ɗaya, layin da ke biye zai nuna 50, wato adadin abin da ya ɓata.

Iyakar gwajin ita ce bai san kwanan wata ba, bai san suna ba. In an karanta 05-Mar a matsayin 06-Mar, ko sunan mai turo kuɗi ya dagule, F zai ci gaba da nuna 0. Haka in shafin ƙarshe ne ya ɓace, babu layin da zai tona, sai ka kwatanta ragowarka ta ƙarshe da Closing Balance, da jimillar Debit da ta Credit da yawancin bankuna ke bugawa a shafin farko ko na ƙarshe. Wasu bankunan kuma suna jera sabon ciniki a sama, tsoho a ƙasa, to sai ka juya jerin kafin ka sa fomula.

Hanya ta ɗaya: ka koma banki ka karɓo na asali

Wannan ba juya sikanin ba ne, kauce masa ne, kuma shi ya kamata a fara gwadawa. In asusun yana nan da rai kuma mai shi yana kusa, yawancin bankuna suna ba da damar sauke sitetimen daga shafinsu na intanet ko manhajar waya, wasu a Excel ko CSV, musamman asusun kamfani, wasu a PDF mai rubutu na gaske da ake turowa ta imel, sau da yawa da kalmar sirri. In PDF ne, Excel na Microsoft 365 yana iya zaro teburin ta Data, Get Data, From File, From PDF. Akwai kuma Tabula, manhajar kyauta da ke aiki a kan kwamfutarka, inda kake zana akwati a kan teburin ta fitar maka da CSV. Dukansu biyun ba sa iya komai da hoto.

A nan babu maganar 8 ta zama 3, domin ba karanta lambobin ake yi ba, kwafe su ake yi. Kuɗi kusan babu. Sirri bai fita ko'ina ba. Abin da ya rage shi ne share kan shafi da ke maimaituwa da haɗa bayanin da ya karye gida biyu. Cikas ɗin shi ne wasu bankunan suna taƙaita watannin da za ka iya saukewa da kanka, tsohon bayani sai an rubuta takarda ga manajan reshe da sa hannun masu asusun. Ga kuma lokutan da hanyar ba ta buɗe ba sam: asusun da aka rufe, dukiyar mamaci da ake shirin rabon gado, ko odita da aka miƙa wa kwafi mai hatimi aka ce da shi zai yi aiki.

Hanya ta biyu: bugawa da hannu

Ana raina ta, amma ga shafi biyar ko goma babu mai kamo ta, domin lokacin da za ka ɓata wajen saita manhaja ya isa ka gama. Ita ce kuma kaɗai ke iya wa takardar da ta sha naɗi a aljihu, ko kwafin kwafi da tawadarsa ta dushe, ko hoton waya da aka ɗauka a karkace aka turo ta WhatsApp har ya matse. Idon mutum yana gane 385,000 a ƙarƙashin hatimi saboda yana duban ragowar da ke gefe.

Dabarar ita ce kada ka buga Balance. Buga kwanan wata, gajeren bayani da kuɗin, ka bar Excel ya lissafa ragowar da `=E2-C3+D3`, sai a ƙarshen kowane shafi ka duba ko lambarka ta yi daidai da ta takarda. In ba ta yi ba, kuskuren yana cikin shafin nan kaɗai. Raba bambancin da 9: in ya rabu ba saura, akwai yiwuwar ka musanya lambobi biyu, kamar 98,300 ta zama 89,300, inda bambancin yake 9,000.

Tsadarta lokaci ne. In kowane layi ya ci rabin minti, layi 1,200 awa 10 ne, kuma sitetimen ɗin mai shago a Najeriya layukansa suna da yawa fiye da cinikinsa, tunda tura kuɗi ɗaya yakan jawo layin caji, wani lokaci da layin VAT daban, ga kuɗin saƙon alat da na kula da asusu. In ka ba yaron shagon buga takardu aikin ka rage wa kanka wahala, amma ka bar asirin kasuwancin a kwamfutar da kowa ke zama a kai. Dorewa babu: wata mai zuwa daga farko za ka soma.

Hanya ta uku: OCR na kyauta a kan kwamfutarka

Injin da ya fi shahara a nan shi ne Tesseract, wanda kamfanin HP ya fara ƙerawa a shekarun 1980, aka sake shi kyauta a 2005. Ba kasafai ake amfani da shi tsirara ba. OCRmyPDF yana ɗora shi a kan fayil ɗinka, ya miƙar da shafin da ya karkace, ya shimfiɗa rubutu a bayan hoton, kowace kalma a inda take:

```
ocrmypdf --deskew --rotate-pages -l eng sikanin.pdf mai_rubutu.pdf
pdftotext -layout mai_rubutu.pdf fita.txt
```

Umarni na biyu, na manhajar pdftotext, yana zaro rubutun zuwa fita.txt, zaɓin `-layout` kuma yana ƙoƙarin riƙe tazarar da ke tsakanin rukunai. Ko kuma ka kai mai_rubutu.pdf cikin Tabula, tunda yanzu akwai rubutu a ciki. In sitetimen ɗin na wani banki ne a Maraɗi ko Damagaram, sa `-l fra`, ka kuma tuna cewa a can tazara ce ke raba dubbai, kamar 1 250 400, abin da kan sa manhaja ta ɗauki lamba ɗaya a matsayin uku.

Ingancin wannan hanya rabinsa a wurin sikanin yake. In takardar tana hannunka, sake yi da kanka: 300 dpi, a launin toka-toka, a cire ƙusar da ta haɗa takardun, a shimfiɗa kowane shafi sosai. Baƙi-da-fari zalla yakan haɗiye ɗigo da waƙafi, waɗanda su ne ƙananan abubuwa a shafin kuma su ne mafi tsada in sun ɓata. Sikanin 150 dpi da ake yi don fayil ya yi sauƙin turawa yakan isa a karanta da ido, amma ƙananan lambobin sitetimen sun fi ƙarfinsa.

Rauninta shi ne wancan ma'auni na farko. Tesseract haruffa ya sani, bai san tebur ba, don haka sau da yawa za ka sami kuɗin da ragowar amma rukunin ya ɓace. Ana iya dawo da shi daga ragowar. A ce kuɗin da ba a san gidansu ba suna G, ragowar tana E. A C3 da D3 sai ka sa:

```
=IF(E3<E2,G3,0)
=IF(E3>E2,G3,0)
```

In ragowar ta sauka, fita suka yi, in ta hau, shiga suka yi. Amma akwai tarko a kusa da nan da na ga ya kama masu wayo. Sai mutum ya ce, tunda haka ne me zai sa in wahala da karanta kuɗin, bari in cire ragowar sama daga ta ƙasa in samu adadin. In ka yi haka gwajin F zai ba da 0 a kowane layi har abada, domin kana gwada lamba da kanta ne. Ragowa ɗaya da aka karanta ba daidai ba za ta haifar da ciniki biyu na ƙarya, layin da aka tsallake kuma zai narke cikin na ƙasansa ba wanda ya sani. Ɗauki alkibla kaɗai daga ragowar, adadin kuwa daga abin da aka karanta a takarda.

Kuɗi babu, intanet ba a buƙata bayan an saukar da manhajar, sirri yana gida. Sai dai tana son wanda ba ya tsoron baƙin allon umarni. Wanda ya iya Power Query na Excel ko ɗan Python zai iya adana matakan sharewa ya maimaita su duk wata a kan banki ɗaya, har ranar da bankin ya sauya tsarin takardarsa.

Akwai 'yan uwanta biyu masu sauƙi. Data, From Picture na Excel yana karɓar hoton tebur ya nuna maka gidajen da yake shakka ka gyara. Yana da kyau ga shafi kaɗan, amma hoto ɗaya-ɗaya yake ci, yana buƙatar intanet, kuma hoton yana zuwa wurin Microsoft. Buɗe fayil da Google Docs daga Google Drive kuwa yana karanta haruffa da kyau amma yakan rushe tebur, don haka ga wannan aikin ban ga amfaninsa ba.

Hanya ta huɗu: manhajar OCR ta kuɗi a kan kwamfuta

ABBYY FineReader PDF da Adobe Acrobat Pro su ne aka fi sani. Duka biyun suna iya karɓar sikanin su fitar da Excel. Bambancinsu da na kyauta shi ne suna neman tebur, ba haruffa kaɗai ba, saboda haka gidan fanko yakan zauna fanko. A wannan aikin na fi karkata ga FineReader, saboda yana nuna maka yadda ya yanka shafin, kuma kana iya ƙara ko matsar da layin da ya raba rukunai da hannunka kafin ya karanta. Wannan yana da muhimmanci ga sitetimen ɗin da babu zane tsakanin Debit da Credit. Yana kuma haskaka haruffan da bai tabbata da su ba, hoton asali a gefe. Acrobat ya fi sauƙin farawa, amma abin da ya fitar shi ke nan, gyara sai a Excel, kuma yakan haɗe gidaje ko ya ƙirƙiro rukunan banza da za su bambanta daga shafi zuwa shafi.

Duka biyun yanzu kuɗin wata ko na shekara ake biya, da kuɗin waje, don haka farashinsu a naira yana bin canji. Suna da lokacin gwaji na kyauta, yi amfani da shi a kan mafi munin shafinka, ba mafi kyau ba. Kwafin sata da ake sakawa a kasuwar 'yan kwamfuta kuwa bai dace da injin da ke ɗauke da bayanan bankin mutane ba.

Abin da ba su sani ba shi ne cewa wannan tebur na banki ne. Ba za su gwada ragowa ba, ba za su cire layin Balance B/F da ke saman kowane shafi ba, kuma bayanin da ya zuba zuwa layi na biyu sukan mai da shi sabon layi marar kuɗi. Wannan sharar taka ce.

Hanya ta biyar: masu juya sitetimen a intanet

Irin su DocuClipper, Dext da AutoEntry an gina su ne don wannan aikin. Ka ɗora fayil, su dawo maka da jeri a share, bayanin da ya karye a haɗe, wasu har da gwajin ragowar buɗewa da ta rufewa, kuma su fitar a tsarin da manhajarka ke so, CSV ko OFX ko QBO. Ga ofishin akanta mai abokan hulɗa da yawa, nan ne gyara ya fi ƙaranci. Ana biya bisa yawan shafuka ko duk wata, da kuɗin waje.

Abu biyu ne abin dubawa. Yawancinsu sun fi gogewa da bankunan Amurka, Birtaniya da Ostareliya, saboda haka gwada da shafi biyu ko uku na bankinka, ka lura musamman da yadda suka fahimci kwanan wata da kuma wanda suka ɗauka tsakanin Trans Date da Value Date. Na biyu, fayil ɗin yana barin hannunka ya tafi wata ƙasa. Karanta tsawon lokacin da suke ajiye shi da ko kana iya goge shi, kuma in na wani ne ka nemi izininsa a rubuce. Shafukan kyauta da ke fitowa a binciken Google, waɗanda ba su da adireshi ba su da sunan kamfani, ban ga dalilin da zai sa a ɗora musu sitetimen ba ko na shafi ɗaya ne.

| Hanya | Riƙe rukuni | Gyaran da ya rage | Kuɗi | Maimaitawa | Sirri |
|---|---|---|---|---|---|
| Karɓo na asali daga banki | Sosai | Kaɗan | Kusan babu | Mai kyau | Yana gida |
| Bugawa da hannu | Sosai | Kaɗan, in ana duba kowane shafi | Lokaci ko ladan mai bugawa | Babu | Ya danganta da mai bugawa |
| OCR na kyauta | Rauni | Da yawa | Babu | Mai kyau ga wanda ya iya | Yana gida |
| OCR na kuɗi | Mai kyau | Matsakaici | Wata ko shekara | Matsakaici | Yana gida in ba a bi ta intanet ba |
| Masu juyawa a intanet | Mai kyau in sun san bankin | Kaɗan | Shafi ko wata | Mai kyau | Ya fita waje |

Matakin ƙarshe da ke jiran kowa

Ko wace hanya ka bi, bayan F ya zama 0 daga sama har ƙasa akwai sauran shiri. QuickBooks Online yana karɓar CSV mai rukuni uku, Date, Description, Amount, ko mai huɗu, Date, Description, Credit, Debit. Xero rukunin Amount guda yake so, kuɗin da suka fita da alamar ragi. Ana samun sa da `=D3-C3`, don haka 620,000 ɗin misalinmu zai zama -620000.00. Cire waƙafin dubbai, alamar naira, da DR ko CR da wasu bankuna ke liƙawa a bayan lamba. In lamba ta jingina a hagun gidanta, Excel yana kallonta a matsayin rubutu ne, kuma SUM zai tsallake ta shiru. Mai da fomulolin lambobi zalla ta Paste Values, sannan ka goge layin Opening Balance kafin ka adana, domin ba ciniki ba ne, amma ka tabbatar ragowar asusun a cikin manhajar ta yi daidai da shi a ranar farawa.

A wajen haɗa rukunai da manhaja ne ake yawan juya abu. Credit a takardar banki kuɗin da suka shigo maka ne, domin banki daga ɓangarensa yake rubutu, kai kake bin sa. A littafinka kuwa wannan kuɗin Debit ne a asusun banki. Allon shigarwa yawanci harshen banki yake bi, amma kada ka dogara da suna: kafin ka amince, nemi layin cajin 53.75 a jerin da aka nuna maka ka ga ko yana ɓangaren kuɗin da suka fita. In ya bayyana a matsayin kuɗin shiga, komai a juye yake.

Kwanan wata ma yana da nasa. In kwamfutarka tana kan tsarin Amurka, 04/03/2024 zai zama 3 ga Afrilu maimakon 4 ga Maris, alhali 25/03/2024 zai ƙi juyawa ya zauna a matsayin rubutu, sai rabin watan ya watse cikin wasu watanni. Gyara tsarin yankin kwamfutar kafin ka buɗe fayil ɗin, ka kuma zaɓi dd/mm/yyyy a allon shigarwa. Sai lambobin shaida: Excel lamba 15 kaɗai yake riƙewa, lambar shaidar tura kuɗi ta NIP kuwa 30 ce, don haka zai mai da sauran sifili, haka kuma zai cinye sifilin farko na lambar asusu mai lamba 10. Mai da wannan rukunin Text tun kafin ka zuba komai, kuma in ka adana CSV kada ka sake buɗe shi da Excel ka adana, duba shi da Notepad. Shigar da wata ɗaya-ɗaya, ka daidaita ragowar rufewa kafin ka wuce na gaba, don in an sami matsala abin da za ka janye kaɗan ne.

Wa ya dace da wace

In asusun yana aiki kuma mai shi zai iya shiga intanet ko ya je reshe, hanya ta ɗaya, ko da za ta ci kwana biyu ana jira. Riƙe sikanin mai hatimi a matsayin shaida, ka yi aiki da na asali.

In shafukan ba su wuce goma ba, ko takardar ta lalace har kai ma sai ka matso da ita kusa da ido, buga da hannu. Babu manhajar da za ta karanta abin da ya gagari idonka.

In aikin sau ɗaya ne mai shafi hamsin ko ɗari, kamar tattara lissafin shekara don haraji ko neman bashi, kuma sikanin yana da tsabta, FineReader ko Acrobat na ɗan lokaci ya fi arha in ka lissafa awanninka. Ga takardun shari'a, na gado, ko na abokin hulɗar da bai yarda bayanansa su fita ba, zaɓinka yana tsakanin wannan da OCR na kyauta, tunda duka biyun suna iya aiki ba tare da fayil ya bar kwamfutarka ba.

In kana da ɗan sani a harkar kwamfuta, banki ɗaya ne ko biyu, kuma duk wata abin yake zuwa, OCRmyPDF da Tabula da matakan da ka adana a Power Query za su biya wahalar saitin farko. Ofishin da ke karɓar sitetimen daga bankuna daban-daban kowane mako kuwa, masu juyawa a intanet ne za su fisshe shi, bayan gwaji da takardun bankunan gida da izinin masu asusun. A nan ma a nemi fitarwar da ke ɗauke da rukunin Balance, a sa fomular F a kanta kafin a shigar.